Minsharin da ke yankewa: abin da ɗalibin likita zai nema

Ba kowane minshari ne ciwo ba. Wanda ke bukatar likita shi ne mai yankewa: mutum na cikin minshari sai a ji tsit, can kuma ya zabura yana kokawar jan iska.

Matsalar a maƙogwaro take, bayan harshe da ganɗa, inda hanyar iska ba ta da ƙashin da zai tokare ta. Tsokoki ne ke riƙe ta a buɗe, kuma barci na sassauta su. Idan kitsen wuya ko ƙaramin muƙamuƙi sun riga sun matse hanyar, sai ta rufe yayin jan numfashi. Ƙirji na motsi, amma iska ba ta shiga. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci, hanya ta buɗe, barci ya dawo, a sake komawa gidan jiya. Kowace zabura tana ɗaga bugun zuciya da ƙarfin jini, shi ya sa ciwon ke tafiya da hawan jini da gyangyaɗin rana.

Mai ciwon bai san abin da yake yi da dare ba, don haka a tambayi wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Takardar tantancewa ta STOP-BANG tana da tambaya 8, kowace da maki ɗaya. Yana minshari da ƙarfi? Yana wuni a gajiye? An ga numfashinsa ya tsaya? Yana da hawan jini? Sauran huɗun su ne ma'aunin ƙiba sama da 35, shekaru sama da 50, kaurin wuya, da kasancewa namiji.

A ce direba ne mai shekara 54, hawan jininsa ya ƙi jin magani, yana gyangyaɗi a kan sitiyari, maiɗakinsa kuma ta ce minsharinsa na yankewa. Ko ba a auna wuyansa ba ya samu maki 6, alhali daga 5 ake cewa haɗarin babba ne. Sai dai maki zato kawai yake ƙarfafawa. Gwajin barci ne ke tabbatarwa, inda ake ƙirga sau nawa a awa numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani.

Ga matsakaici da mai tsanani, maganin farko shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Sydney a 1981. Tana hura iska ta takunkumi, matsin iskar ya hana maƙogwaro rufewa. Tana aiki ne kawai a daren da aka saka ta, kuma masu yasar da ita sukan koka da zubar iska a gefen takunkumi ko bushewar hanci. Canza takunkumi da ƙara laima a iskar kan gyara wannan.

A haɗa da rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, da barin giya da ƙwayoyin barci. Direban kuwa ya ajiye tuƙi har gyangyaɗin ya tafi.