Yadda kalmomi biyu suka hana littafi fita kasuwa

A watan Mayun 2019, marubuciyar nan Ba'amurkiya Naomi Wolf ta shiga wani shirin rediyon BBC domin tallata sabon littafinta mai suna Outrages. A littafin ta ce an kashe maza da dama a Ingila a ƙarni na 19 bisa laifin luwaɗi. Hujjarta ita ce bayanan kotun Old Bailey da ke Landan, inda ta ga wasu kalmomi biyu na Turanci masu ma'anar an rubuta hukuncin kisa.

Mai gabatar da shirin, Matthew Sweet, ya shaida mata cewa ta yi wa kalmomin gurguwar fahimta. Tun daga 1823 doka ta bai wa alƙalai damar rubuta hukuncin kisa a kundi ba tare da furta shi ba, idan suna ganin mai laifin ya cancanci sassauci. Sweet ya bi sawun Thomas Silver, yaro ɗan shekara 14 da littafin ya ce an kashe a 1859, sai ya iske a takardun gidan yari cewa sakinsa aka yi. Daga baya kamfanin Houghton Mifflin Harcourt ya fasa fitar da littafin a Amurka.

Abin lura shi ne takardar da ta dogara da ita sahihiya ce. Da a ce mai tantancewa ya tsaya kan tabbatar da cewa kalmomin suna cikin kundin, da kuskuren ya wuce shi. Aikinsa ya haɗa da tambayar me kalma take nufi a zamanin da aka rubuta ta, sannan ya nemi shaida ta biyu daga wani tushe dabam. Wanda aka ce an rataye, ai ya kamata a ga labarin ratayewar a jaridun lokacin.

Haka ake bi da maganar da aka ɗora a bakin wani. Ana komawa ga faifan hirar ko bugun farko, a gwada kalma da kalma, a kuma karanta abin da ya gabace ta da wanda ya biyo baya, domin yanke jimla kan juya ma'ana.

Silver ya daɗe da mutuwa, ba mai kai ƙara a madadinsa. Da mai rai aka yi wa ƙage, da maganar ta kai kotu. A shari'ar ɓata suna a Ingila da Najeriya, cewa "wane ne ya faɗa" ba ya wanke marubuci. Wanda ya maimaita zargi shi ne zai tabbatar da gaskiyarsa, kuma ana iya haɗawa da kamfanin da ya buga littafin a cikin ƙarar.