Ƙyasfi: Me Ya Sa Tabon Yake Daɗewa Bayan An Yi Magani?

Ƙyasfi cutar fata ce da ke fitowa dabbare-dabbare a ƙirji da gadon baya da kafaɗu, wani lokaci har wuya. A jikin baƙar fata ya fi fitowa fari-fari, ko da yake akwai mai duhu. Da wuya ya yi ciwo, sai ɗan ƙaiƙayi idan gumi ya keto.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar halitta ce dangin yis, mai suna Malasiziya, wadda ke zaune a fatar kowa tana cin maiƙon jiki. Idan zafi da gumi da maiƙo suka haɗu sai ta yi yawa, ta riƙa fitar da sinadarin da ke hana fata yin launinta. Shi ya sa ya fi kama samari da 'yanmata, ya kuma fi tashi da bazara da damina. Ba ƙazanta ce ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa ta hanyar cuɗanya, don haka ƙyamar mai shi zalunci ne.

Gane shi ba wuya. Idan aka kankare tabon da farce a hankali, sai wata 'yar dusa mai laushi ta tashi. Wannan dusar ce shaidar ƙwayar tana raye.

A ɗauki misalin ɗan acaɓa da ke wuni a rana cikin rigar leda. Idan aka ba shi shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin ɗari, zai shafa daga wuya zuwa ƙugu, har inda babu tabo, ya bar kumfar minti 5 kafin ya ɗauraye, kullum har kwana 5. Bayan mako 2 ya juya baya ga madubi, sai ya ga farin yana nan daram. A nan mutane da yawa ke yanke ƙauna, su ce magani bai ci ba, alhali ya ci. Ya sake kankarewa: in dusa ba ta tashi ba, ƙwayar ta mutu. Launin fata kuwa yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya daidaita. Garaje a wannan gaɓa shi ke kai mutum ga man bilicin mai sitiroyid, wanda ke ƙara wa ƙwayar ƙarfi. Girisofulbin da ake sha don makero ma ba ya taɓa ƙyasfi.

Ƙyasfi yana da naci, yakan dawo da zarar zafi ya dawo. Wanka da shamfun sau 1 a wata da cire rigar da ta jiƙe da gumi suna rage hakan. Idan ya mamaye jiki, likita kan rubuta ƙwayoyin sha kamar fulukonazol.

Tabon da ba shi da dusa, kuma ba a jin taɓi a kansa ko da an goga auduga, ba na shamfu ba ne. Yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkarwa idan an je asibiti da wuri.