Saƙon Ajiye Aiki: Abin da Nas Ke Rubutawa Idan Karatu Ya Kira Ta

Nas ɗin da ta samu gurbin ƙaro karatu takan ga kamar wahala ta ƙare da fitowar sunanta. Amma akwai sauran rina a kaba: sai ta rabu da asibitinta ta hanyar da ba za ta dame ta gobe ba, kuma a yau rabuwar takan fara ne da ɗan gajeren saƙon imel.

Kafin ta taɓa waya, akwai tambayar da ya kamata ta amsa: ajiye aikin ya zama dole? A asibitocin gwamnati akwai hutun ƙaro karatu, wani da albashi, wani babu. Mai zuwa kwas na jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko na jinyar ƙashi a Asibitin Dala da ke Kano, sau da yawa wannan hutun ya fi mata, domin kujerarta da shekarun aikinta suna nan. Sai dai wadda aka biya ta albashi tana karatu takan sa hannu a yarjejeniyar cewa za ta dawo ta yi wa asibitin aiki na wasu shekaru, in ta saɓa ta mayar da kuɗi. Ajiye aiki kuwa, da zarar an amince, janye shi sai da yardar hukumar asibiti.

A ɗauki misalin wata nas da ta shekara huɗu a asibitin kuɗi a Kano, ta samu gurbin digirin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, za ta fara ranar 3 ga Nuwamba. Takardar da aka ɗauke ta aiki da ita ta ce notis ɗin wata guda ne, ko ta biya albashin wata a madadinsa. Wannan takarda ita ce alƙali, domin wani asibitin wata uku yake nema. Ke nan saƙonta ya isa ofis kafin Satumba ya ƙare, ranar aikinta ta ƙarshe ta zama 31 ga Oktoba.

Za ta aika wa babban likitan asibitin, ta sa shugabar ma'aikatan jinya da ofishin kula da ma'aikata a layin `Cc`. Yawanci da Turanci ake rubutawa, amma ma'anarsa ba ta wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na nas a ɗakin yara domin ƙaro karatu. Wannan shi ne notis ɗina na wata guda, ranar aikina ta ƙarshe ita ce 31 ga Oktoba. Zan miƙa duk abin da ke hannuna kafin ranar. Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce, tare da takardar shaidar aiki. Na gode da abin da na koya a nan."

Kwanan watan nan shi ne zuciyar saƙon. Wadda ta rubuta "zan tafi nan ba da jimawa ba" ta bar ƙofar gardama a buɗe, kuma in ta daina zuwa ba tare da amsa a hannu ba, ana iya rubuta mata cewa gudun aiki ta yi. Akwai kuma haƙƙin marasa lafiya. A asibitoci da yawa wata-wata ake tsara jadawalin aiki, saboda haka nas ɗaya da ta ɓace a tsakiyar wata tana nufin wata 'yar'uwarta ce za ta kwana biyu a jere kan yara masu zazzaɓi. Shi ya sa ya dace ta fara gaya wa shugabarta baki da baki, kada ta tsinci labarin a waya. In asibitin gwamnati ne, ta buga takardar ta sa hannu, ta kai rajista, a buga mata hatimin karɓa a kwafinta.

Ƙorafin albashi ko na wata da suka saɓa ba shi da gurbi a nan, ko da gaskiya ne, domin saƙon fayil ɗinta zai shiga, kuma za a sake buɗe fayil ɗin. A Fabrairun 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idar cewa mai neman a tantance takardunta don fita waje sai ta yi aikin shekara biyu, kuma shugaban wurin aikinta ya ba da shaidar kyakkyawan hali. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, amma lamarin ya nuna nauyin sa hannun tsohon shugaba.

Watan notis ɗin na miƙa kaya ne. Makullin kabad ɗin magunguna masu ƙarfi irin su mofin da fetidin ba a ba da shi haka kawai: ita da mai karɓa za su ƙirga allurai ɗaya bayan ɗaya, su gwada da abin da ke littafi, su sa hannu tare. Daga nan ta zagaya da fom ɗin sallama zuwa sito, ɗakin magani da ofishin kuɗi, ta biya bashin ƙungiyar adashen ma'aikata in akwai. Kafin a rufe mata adireshin imel na asibiti, ta tura kwafin saƙon da amsarsa zuwa nata na kanta.