Tambayar SHAP a intabiyun aiki: amsar da ke nuna an san abin

Duk wanda ya taɓa neman rance a manhajar waya aka ƙi ba shi ba tare da an faɗa masa dalili ba, ya riga ya fahimci tambayar da ake yawan yi wa masu neman aikin nazarin bayanai: ta yaya za ka bayyana hukuncin da modal ɗinka ya yanke? Modal shi ne tsarin lissafin da kwamfuta ta koya daga tsofaffin bayanai domin yin hasashe. Da yawa sukan ce SHAP su yi shiru, alhali mai tambayar yana jiran ya ji yadda yake aiki da kuma inda yake yaudara.

Scott Lundberg da Su-In Lee na Jami'ar Washington ne suka gabatar da SHAP a 2017, bisa lissafin da Lloyd Shapley ya fitar a 1953 kan yadda za a raba riba tsakanin mutanen da suka yi aiki tare. A nan ma'aikatan su ne bayanan da aka ba modal, ribar kuma ita ce hasashen.

A ɗauki misalin manhajar rance. A ce matsakaicin hasashen modal shi ne kashi 20 cikin ɗari na yiwuwar ƙin biya, amma ya ba wani matashi kashi 40. SHAP zai rarraba wannan tazara ta maki 20: jinkirin biyan bashin baya ya ƙara 15, sabon asusu ya ƙara 10, kuɗin da ke shigo masa duk wata ya rage 5. Idan aka haɗa, 20 + 15 + 10 − 5 ya ba da 40 cif. Ana samun kason kowane bayani ne ta hanyar duba yadda hasashen ke sauyawa idan aka shigar da shi, a jere-jere daban-daban, sannan a ɗauki matsakaici.

Wannan bayanin mutum ɗaya ne. Jerin muhimmancin bayanai kuwa, irin wanda `feature_importances_` ke bayarwa a scikit-learn, yana magana ne kan modal ɗin gaba ɗaya, kuma ba ya nuna ko bayani ya ɗaga hasashe ko ya sauke shi. Yana da wata ɗabi'a mara kyau: a modal masu rassa irin na bishiya yakan fifita bayanin da ke da ƙimomi masu yawa, har lambar rajistar kwastoma ta iya hawa saman jerin. Shi ya sa ake gwada `permutation_importance` a kan bayanan da modal bai taɓa gani ba: a hargitsa layin bayani guda, a ga yadda daidaito ya faɗi.

Iyakar farko tana fitowa ne idan bayanai biyu suna tafiya tare, kamar kuɗin shiga da kuɗin da ake kashewa wajen sayen data. Modal na iya dogara da ɗaya, ko ya raba nauyin tsakaninsu, sai kowanne ya zama kamar ba shi da tasiri sosai. Gwajin ba wuya: a cire ɗaya, a sake horar da modal. In daidaito bai motsa ba, ɗayan ne ya maye gurbinsa.

Iyaka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ya kamata a daɗe a kanta a intabiyu. SHAP yana faɗin abin da modal ya dogara da shi ne kawai, ba abin da ke haddasa lamari a zahiri ba. Rich Caruana da abokan aikinsa sun ba da misali a 2015 daga bayanan masu ciwon nimoniya: modal ya koyi cewa mai asma bai kai sauran marasa lafiya haɗarin mutuwa ba. A cikin bayanan haka abin yake, domin likitoci sukan wuce da masu asma sashen kulawa ta musamman kai tsaye, kulawar ce ta cece su. Da za a ɗora SHAP a kan wannan modal, zai nuna asma tana rage haɗari, kuma bai yi ƙarya game da modal ɗin ba. Amma asibitin da ya bi wannan ya sallami mai asma gida ya jefa shi cikin haɗari.

Saboda haka mai neman aiki zai yi kyau ya ce yana amfani da SHAP ne don gano abin da modal ya koya, sannan ya kai sakamakon ga wanda ya san fannin, likita ko jami'in rance, ya duba ko akwai abin da bai yi ma'ana ba. Idan aka bi shi da tambayar ko matashin nan zai fi biyan bashi don asusunsa ya tsufa, amsar ita ce SHAP ba zai iya faɗa ba, sai an yi gwaji ko nazarin sanadi na daban.