Hamsin da Nawa? Bayanin da Fili Yake Buƙata Kafin a Sa Shi a Kasuwa

A jikin katangu da turakun wuta na unguwannin bayan garin Kano, daga hanyar Gwarzo zuwa ta Madobi, rubutun kusan iri ɗaya ne: “Fili na sayarwa, wuri mai kyau, kusa da titi, takardu lafiya.” Sai lambar waya a ƙasa. Wanda ya karanta bai san girman filin ba, bai san ta ina ake shiga ba, bai kuma san ko zai ɗauki ginin da yake da niyya ba. Gida yana da ɗakuna da za a ƙirga da rufin da za a duba. Fili kuwa ƙasa ce shimfiɗe da ciyawa, don haka duk abin da mai saye zai sani sai an faɗa masa, kuma a faɗa da lissafi.

A fara da girma, domin a nan aka fi samun saɓani. A arewacin Najeriya da ƙafa ake ciniki: hamsin da hamsin, hamsin da saba'in da biyar, hamsin da ɗari, ɗari da ɗari. Safiyo kuma da mita yake aiki, takardar awo ma da mita take zuwa. Hamsin da ɗari a ƙafa shi ne mita 15.24 da mita 30.48, wato murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Amma a wurare da yawa ana yanka mita 15 da mita 30, wanda ya tashi murabba'in mita 450, kuma shi ma a kira shi hamsin da ɗari. Kalmar fuloti kanta ba ta da tsayayyen awo. A Legas fuloti yakan zama ƙafa sittin da ɗari da ashirin, murabba'in mita 669 ke nan, don haka ɗan kasuwar da yake zaune can ya aiko a saya masa “fuloti ɗaya” a gida zai iya zuwa ya tarar da abin da bai kai yadda ya zata ba. A Maradi da Damagaram kuwa da murabba'in mita ake magana kai tsaye. Mai tallar da yake son a fahimce shi sai ya rubuta tsawo da faɗi, ya ambaci ko ƙafa ce ko mita, sannan ya ba da jimilla.

Akwai wani kuskure da har masu ilimi suke yi. Ɗari da ɗari ba ninkin hamsin da hamsin ba ne, huɗunsa ne: wannan murabba'in ƙafa 10,000, wancan 2,500. Wanda bai riƙe wannan ba zai ga kamar an tsawwala masa kuɗin babban fili, alhali wataƙila shi ne ya fi araha.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne filin da bai daidaita ba, kuma irinsa ya yi yawa a awon igiya, wato gonar da mai ita ya yayyanka da kansa, ba gwamnati ta tsara ba. Gona ba ta zuwa da kusurwa huɗu daidai, saboda haka filayen gefe sukan fito a karkace. A ɗauki misalin wani da dillali ya kira hamsin da saba'in da biyar, a kan naira miliyan shida. Aka ja tef: gaba ƙafa 50, tsawo ƙafa 75, amma baya ƙafa 40 kawai, domin iyakar gonar maƙwabci ta shigo. Idan aka haɗa gaba da baya aka raba biyu, faɗin ya koma 45. A ninka da 75, an sami murabba'in ƙafa 3,375 maimakon 3,750. Abin da ya ɓace, 375, kashi ɗaya ne cikin goma na filin, ya fi ɗaki biyu da rabi masu sha biyu da sha biyu, kuma a wannan farashi ya kai naira dubu ɗari shida. Dillalin bai lalle ya yi ƙarya da gangan ba. Gaba ya auna da gefe ɗaya, ya ɗauka sauran haka suke. Shi ya sa bayani na gaskiya yake kawo ɓangarori huɗu duka, ya kuma faɗi abin da yake tsaye a kowace kusurwa: bikon na siminti mai lamba, ko bulo da aka jera, ko turke kawai da yaro zai iya tugewa.

Sai hanya. “Kusa da titi” magana ce da ba ta ɗaure kowa, haka ma “minti biyar,” tunda ba a ce a ƙafa ko a kan babur ba. Mai saye yana buƙatar nisan a mita daga kwalta, da irin hanyar, burji ce ko turɓaya, da faɗin layin da filin yake kallo. Faɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Jikin tifa ya kai mita biyu da rabi, sama da ƙafa takwas. A lungu mai ƙafa goma, da zarar an gina katanga hagu da dama aka kuma haƙa kwata, tifa ta daina shiga. Daga nan yashi da bulo da dutse sai a bakin layi za a sauke, a biya masu baro su ƙarasa da su, kuma haka za a yi ta biya har a gama ginin. Layi mai ƙafa talatin wani abu ne daban, kuma farashinsa ma daban ne.

Abin da ya fi cin mutane shi ne hanyar da ba hanya ba. A sabuwar unguwa inda ba a yi gine-gine ba, mota tana ratsa ko'ina, har sawun taya ya kwanta ya yi kama da layi. Sau da yawa sawun nan ta cikin filin wani ya bi. Ranar da mai shi ya kawo bulo ya zagaye abinsa, wanda yake baya ya wayi gari ba mashiga sai roƙo. Don haka ya wajaba a faɗa a fili: hanyar nan tana cikin zanen yankan, ko kuwa aro ake yi? Mai saye ma yana iya ganewa da idonsa. Layi na gaskiya yana da bikon a jere ɓangare biyu, tazararsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan sawun ya ratsa a karkace tsakanin turaku, cikin filin mutane ake tafiya.

Hoton da aka ɗauka a watan Janairu ba ya nuna halin wuri a watan Agusta. Mai talla na kirki yakan ce hanyar tana biyuwa da damina, ko kuma akwai kwari a tsakiya da yake riƙe ruwa kwana biyu bayan an yi mamako. Faɗin haka yana rage masu kira, amma waɗanda suka kira ɗin sun san abin da za su tarar, ba a ɓata man mota da yini guda a banza ba.

Amfanin fili yana farawa daga ƙasarsa. Jigawa mai tauri ba ɗaya take da fadama ba wajen kuɗin tushe. Kano kuma tana da nata na musamman: kududdufai, ramukan da aka haƙa tun da daɗewa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda aka cike da yawansu da shara da ɓaraguzai aka sayar. A sama wurin shafe yake. A ƙasa kuwa ciko ne da bai gama zama ba, kuma ruwan unguwa bai manta hanyarsa ba. Alamunsa ba su ɓuya ga mai lura: leda da tsumma a cikin ƙasa idan an sara da diga, fili da ya yi ƙasa da layin gabansa, tabon danshi a gindin katangun maƙwabta, ko tsagewa a jikinsu. Wanda ya sayar da ciko bai faɗa ba ya ci amanar mai saye, ko da awonsa ya cika cif. Haka nan manyan wayoyin lantarki. Layin kilobolt 330 yana da hurumin mita 50, na 132 kuma mita 30, kuma ginin da ya shiga ciki yana cikin haɗarin rusau, ban da haɗarin rai.

Takarda ita ce ɗaya rabin amfanin, kuma “takardu lafiya” ba bayani ba ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, mutum haƙƙin zama da amfani yake riƙewa, galibi na shekara 99 idan satifiket ne. Akwai tazara mai nisa tsakanin satifiket ɗin mallaka, da takardar ba da fili ta gwamnati, da takardar ƙaramar hukuma, da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Kowacce a kira ta da sunanta, a faɗi sunan wa ke jiki, na mai sayarwa ko na wanda ya saya a hannunsa. In filin gado ne, a ce an raba ko ba a raba ba, domin magaji ɗaya da bai sa hannu ba ya isa ya tsayar da gini a kai kotu. Takardar gwamnati kuma tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa. Na zama ba ya komawa na shaguna ko gidan mai don kawai yana bakin titi. Sai an nemi canji, kuma a Kano izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA.

Idan aka tattara wannan a kan filin misalin nan, tallar da ta fara da “wuri mai kyau” za ta koma kamar haka:

“Fili a awon igiya, mita 600 daga kwalta, hanyar burji mai biyuwa da damina. Yana kallon gabas, a kan layi mai ƙafa 30 da ke cikin zanen yanka. Gaba ƙafa 50, baya ƙafa 40, tsawo ƙafa 75, jimilla murabba'in mita 314. Bikon huɗu suna nan. Jigawa ce, ba ciko ba. Turken wuta na ƙarshe yana nisan gida uku. Maƙwabta rijiya suke sha. Takardar ciniki ce da sunan mai sayarwa, babu satifiket, ba filin gado ba ne. Na zama ne. A zo da tef.”

Da wannan bayani mai zanen gida zai iya faɗa wa mai saye ɗaki nawa wurin zai ɗauka tun kafin a taka shi, magini ya ƙiyasta bulon katanga, mai saye kuma ya san cewa kuɗin neman satifiket yana jiransa a gaba, ya sa shi cikin tayin da zai yi.