Reshe ko folda: ina za a ajiye sabon sashe a shafin intanet?

Mai karanta labarai a waya yana cin karo da adireshi iri biyu kullum, ko da bai taɓa lura ba. Sashen Hausa na BBC yana zaune a bbc.com/hausa, na DW kuma a dw.com/ha. Amma Legit ta ajiye nata a hausa.legit.ng, Premium Times a hausa.premiumtimesng.com, Wikipedia ta Hausa kuma a ha.wikipedia.org. A kashin farko sunan sashen yana zuwa ne bayan sunan shafin, da 'yar sanda a tsakani. Wannan shi ne folda. A kashi na biyu sunan sashen yana gaba, da ɗigo a tsakani. Wannan shi ne reshe, wanda masu harkar ke kira sabdomen.

Duk mai shafin da ya fara bunƙasa sai ya tsaya a wannan mararraba. Makaranta za ta buɗe wurin duba sakamako, jarida za ta ƙara sashen wasanni, ɗan kasuwa zai fara wallafa bayanai kan kayansa. Yawanci mai gina shafin ne ke yanke hukunci cikin minti biyu, bisa abin da ya fi masa sauƙi, mai shafin kuwa bai san an yanke ba. Sai bayan shekaru abin ya bayyana, kuma inda ya fi bayyana shi ne a mahaɗai, wato linkin da ake latsawa a tashi daga wani shafi zuwa wani.

Folda ɗaki ne a cikin gida: zaure ɗaya ake bi, mitar wuta ɗaya ce, mai gadi ɗaya ne. Reshe kuwa sashe ne da aka fasa wa ƙofa ta waje, sunan gidan yana jikinsa amma komai nasa daban. A aikace ma haka abin yake. Wanda zai buɗe folda ba ya buƙatar komai sai ya ƙirƙiri sababbin shafuka a kan sabar da yake da ita. Wanda zai buɗe reshe sai ya je rajistar DNS ya ƙara sabon layi, na A ko na CNAME, da zai nuna inda reshen yake, kuma yana iya zama wata sabar ce a wata ƙasa. Dole takardar tsaron da ke sa adireshi ya fara da https ta haɗa da sunan reshen, in ba haka ba burauza ta tare baƙo da gargaɗi. Fayil ɗin robots.txt, wanda ke gaya wa injunan bincike inda za su shiga da inda ba za su shiga ba, shi ma kowane reshe da nasa. Na babban shafi ba ya aiki a kansa.

To mene ne haɗin wannan da mahaɗai? Tun 1998, lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kan dabarar PageRank, ana ɗaukar mahaɗi a matsayin shaida. Idan wani shafi mai mutunci ya saka linkinka, kamar ya tsaya maka ne. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, a wannan dabara shaidar tana sauka ne a kan takamaiman shafin da aka nuna, daga nan kuma ta bi mahaɗan da ke cikinsa ta gangara zuwa sauran shafuka. Shafin da babu mahaɗin da ke kai wa gare shi maraya ne, ko a folda yake ko a reshe.

Google ta sha faɗa, ta bakin ma'aikatanta irin su John Mueller, cewa tana iya aiki da kowanne daga cikin biyun. Amma injin bincike ba zai rufe ido ya ɗauka duk reshe na mai gidan ne ba. A blogspot.com da wordpress.com, kowane reshe na mutum daban ne, ba su ma san juna ba. Don haka sai injin ya duba alamu kafin ya gane ko reshe ɓangare ne na babban shafi ko zaman kansa yake yi, kuma mahaɗan da ke tsakaninsu suna cikin manyan alamun. Folda ba ta cika fuskantar wannan tambayar ba, domin tana gadon jerin mahaɗan saman shafi da na ƙasansa tun ranar da aka buɗe ta. Fifikon da ake ba ta ya samo asali ne daga nan. Ba sandar da ke cikin adireshi ce ke da albarka ba, haɗuwar shafukan ce.

Mu ɗauki misali. A ce akwai mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, adireshin shafinsa example.com, sunan da aka keɓe don misali. Yana son ƙara sashen ɗinki, inda zai riƙa bayanin yadi nawa ke isa riga da zani, da yadda ake wanke shadda ba ta dusashe ba. Irin wannan rubutu shi mutane ke turawa juna, shi wasu shafuka ke nunawa. Ba kasafai wani zai saka linkin shafin farashi ba. Ke nan sashen ɗinki ne zai jawo shaida daga waje, amfanin ɗan kasuwar kuwa shi ne shaidar ta ƙarasa shafukan da ake ciniki.

Idan ya zaɓi example.com/dinki/, kowane rubutu zai fito da jerin mahaɗan shagon a samansa ba tare da an ƙara wani aiki ba. Idan ya zaɓi dinki.example.com, sau da yawa wata manhaja daban za a ɗora, da nata fasalin, kuma sai an zauna da gangan an saka mahaɗan komawa shago. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Dubi waɗannan layuka biyu:

```
<a href="/atamfa/">Atamfa</a>
<a href="https://example.com/atamfa/">Atamfa</a>
```

Na farko gajere ne, bai ambaci sunan shafi ba, don haka burauza tana cike gurbin da sunan inda take tsaye. A cikin folda zai kai mutum example.com/atamfa/ lafiya lau. Amma idan aka kwafe shi zuwa reshe, zai koma dinki.example.com/atamfa/, wurin da babu shi, baƙo ya ga 404. Mai saye ya karanta rubutu, ya ji yana so, ya latsa, ya tarar da bango. Maganin shi ne duk mahaɗin da zai tsallaka tsakanin reshe da babban shafi a rubuta shi cikakke kamar layi na biyu. Gane matsalar ba wuya: a buɗe shafi ɗaya a reshen, a latsa kowane mahaɗi na sama da na ƙasa, ana kallon adireshin da ke fitowa.

Akwai wani tarko da ke jiran masu amfani da cPanel. Idan aka buɗe reshe aka ajiye fayilolinsa a cikin public_html, rubutu ɗaya kan iya buɗuwa ta adireshi biyu, ta dinki.example.com da kuma ta example.com/dinki/. Wasu za su tura wannan, wasu su tura wancan, shaidar da ya kamata ta taru wuri ɗaya ta rabu. A gwada adireshin biyu. Idan duka sun buɗe, a zaɓi ɗaya a karkatar da ɗayan zuwa gare shi.

Duk da haka reshe yana da wurinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Jami'ar da ke da wurin rajistar ɗalibai tana da dalilin ware shi: manhajarsa daban, masu kula da shi daban, kuma ranar da dubban ɗalibai suka yi masa rubdugu ba a so ya ja babban shafi su faɗi tare. Irin wannan sashe ba ya neman shaidar kowa a Google, don haka babu abin da ya rasa. Haka idan wani kamfani ne zai riƙe maka shagon ko wurin amsa tambayoyin abokan ciniki a kan sabarsa, layin CNAME ɗaya ya wadatar a reshe, alhali saka shi a folda sai an yi saiti na musamman da zai riƙa ɗebo shafukan daga can yana nuna su a nan, aikin da ke buƙatar gwani da kulawa. Sai dai ranar da aka rabu da kamfanin a goge layin nan. Reshen da aka bari yana nuna wurin da aka tashi, wani na iya karɓe wurin ya riƙa wallafa abin da ya ga dama da sunanka.

Kada kuma a ɗauka folda ko reshe hanya ce ta ba da hayar suna. A watan Maris na 2024 Google ta fitar da doka kan masu barin wasu su zuba rubutun da bai shafi shafin ba don kawai su ci moriyar darajarsa. Dokar ba ta bambanta folda da reshe ba.

Saura tambayar wanda ya riga ya gina a reshe, yanzu kuma ya ji ana yabon folda. Shawarata ita ce kada ya yi gaggawa. Kowane tsohon adireshi yana nan a wasu shafuka, a saƙonnin WhatsApp, wataƙila har a jikin katin kasuwanci, kuma ba ka da ikon gyara ko ɗaya. Idan reshen yana samun baƙi, a fara da ƙarfafa mahaɗai tsakaninsa da babban shafi. Idan ƙaura ta zama dole, a fitar da jerin duk tsofaffin adireshi, a haɗa kowanne da sabonsa, sannan a saka karkatarwa ta dindindin mai lamba 301. A sabar Apache, layi ɗaya a saitin tsohon reshen yana iya yin aikin, muddin sunayen shafukan ba su canza ba, kuma fayilolin reshen ba a cikin sabuwar foldar suke ba:

```
Redirect 301 / https://example.com/dinki/
```

Da wannan, mai neman dinki.example.com/shadda zai sauka a example.com/dinki/shadda. Abin da ba a so shi ne a tattara duk tsofaffin adireshi a jefa su shafin farko. Baƙo bai samu abin da ya zo nema ba, Google kuma tana iya ɗaukar hakan tamkar shafin ya ɓace. Google ta ba da shawarar a bar karkatarwar aƙalla shekara ɗaya, wanda ke nufin ba za a goge reshen daga DNS ba, ba kuma za a bar takardar tsaronsa ta ƙare ba. A Search Console a yi rajistar shafin da nau'in Domain, domin shi ke nuna babban shafi da rassansa wuri ɗaya, sannan a riƙa duba rahoton 404 a makonnin farko. Hawa da sauka a sakamakon bincike na ɗan lokaci ba abin tsoro ba ne. Tsofaffin adireshi da ke mutuwa su ne abin tsoro.

Kafin ka ba mai gina shafi izini, ka yi masa tambayoyi uku. Masu karanta sabon sashen su ne masu karanta tsohon? Manhaja ɗaya za ta iya ɗaukar su duka? Ana so a riƙa samun sashen ta hanyar bincike? Idan amsoshin duka e ne, a buɗe folda. Idan sashen yana buƙatar tasa sabar ko nasa masu kula, a buɗe reshe, a rubuta mahaɗansa cikakku, a gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a sanar da jama'a. Duk wanda ka zaɓa, ka zaɓe shi da niyyar zama, domin daga ranar da mutum na farko ya tura adireshin ga wani, kiyaye shi ya zama amana a wuyanka.