Yadda Ake Kwantar da Bishiyar Bincike a Layi Guda, a Kuma Tashe Ta Yadda Take

Duk abin da kwamfuta take riƙe da shi a ƙwaƙwalwarta ta aiki, da zarar an ɗauke wuta ya tafi. Abin da ake so ya kwana dole a rubuta shi a fayil, shi kuwa fayil layi ne miƙaƙƙe, harafi na bin harafi. Idan abin da za a adana jerin sunaye ne ko lambobi, babu wata wahala. Matsalar tana tasowa ne idan abin yana da rassa, kamar tsarin da masu rubuta manhaja suke kira bishiyar bincike.

Ga yadda take. A ce muna da lambobi shida da suka shigo ɗaya bayan ɗaya: 50, 30, 70, 20, 40, 60. Ta farko, 50, ita ce tushe. Duk lambar da ta zo daga baya sai a gwada ta da tushen: idan ba ta kai shi ba ta bi hagu, idan ta fi shi ta bi dama, haka za a yi ta yi da ita a kowace gaɓa har ta samu gurbin da babu kowa ta zauna. Saboda haka 30 ta zauna a hagun 50, 70 a damanta. 20 da 40 suka zama 'ya'yan 30, ita kuma 60 ta zauna a hagun 70, daman 70 ya zauna fayau. Amfanin wannan tsari shi ne saurin nema. Mai neman 60 tambaya uku kawai zai yi ya same ta, domin kowace tambaya tana yar da ɓangare guda na bishiyar. Idan rassan sun daidaita, bishiya mai lambobi miliyan ɗaya hawa ashirin ne tsayinta, wato tambaya ashirin ta wadatar.

Saurin nan kuwa yana cikin siffar bishiyar ne, ba a cikin lambobin ba. Shi ya sa dabarar da take fara zuwa wa mutum a rai ita ce mafi muni: a rubuta lambobin daga ƙarama zuwa babba, 20, 30, 40, 50, 60, 70. Lambobin dai duk suna nan, babu wadda ta ɓata. Amma a sake shigar da su a haka a ga abin da zai faru. 20 ce za ta zama tushe, 30 ta bi damanta, 40 ta bi daman 30, har zuwa 70. Bishiya mai hawa uku ta koma sanda mai hawa shida. Da lambobi miliyan ne, neman da ake gamawa da tambaya ashirin yana iya kai wa tambaya miliyan. Lambobi uku kacal suna iya tsayuwa a siffa biyar daban-daban, waɗannan shida namu kuwa a siffa 132, kuma dukansu jeri ɗaya suke bayarwa idan aka karanta su daga ƙarama zuwa babba. Jerin bai faɗi wacce ce tamu ba.

Maganin shi ne a riƙa rubuta abin da babu kamar yadda ake rubuta abin da ke akwai. Mai ba da tarihin zuri'a idan ya iso kan wanda bai bar baya ba, yakan ce wane bai haihu ba, don kada mai sauraro ya ɗauki suna na gaba a matsayin ɗansa. Haka ake yi a nan. Ana zaɓar alama guda, galibi `#`, ta tsaya a madadin gurbin da babu kowa. Ƙa'idar rubutun kuma guda ce: rubuta gaɓar da kake kai, ka gama da duk reshenta na hagu, sa'an nan ka koma na dama, in ka tarar da gurbi fayau ka sa alamar.

Mu bi tamu. Mun rubuta 50, muka gangara hagu muka rubuta 30, muka ƙara gangarawa muka rubuta 20. Ita 20 ba ta da kowa hagu da dama, sai alama biyu. Muka dawo daman 30 muka tarar da 40, ita ma alama biyu. Hagun 50 ya kammala ke nan. A dama akwai 70, a hagunta 60 da alamominta biyu, sai daman 70 da alama ɗaya. Abin da zai shiga fayil:

```
50,30,20,#,#,40,#,#,70,60,#,#,#
```

Lambobi shida, alamomi bakwai. Wannan ba dace ba ne. Kowace irin siffa bishiyar ta ɗauka, alamomin babu kullum sun fi lambobin da ɗaya, domin ana farawa ne da gurbi guda, kuma kowace lamba idan ta zauna ta cinye gurbi ɗaya ta buɗe biyu.

Tayar da ita daga wannan layi bin sawu ne kawai. Mai karantawa yana ɗaukar kalma ɗaya daga gaba. Idan alama ce, ya ce nan babu kowa, ya koma inda ya fito. Idan lamba ce, ya kafa gaɓa, ya gina hagunta da abin da ya biyo baya, in ya gama ya gina damanta da abin da ya rage. A harshen Python aikin biyu bai wuce wannan ba:

```python
def rubuta(g):
    if g is None:
        return ["#"]
    return [str(g.lamba)] + rubuta(g.hagu) + rubuta(g.dama)

def gina(jeri):
    k = next(jeri)
    if k == "#":
        return None
    g = Gaba(int(k))
    g.hagu = gina(jeri)
    g.dama = gina(jeri)
    return g
```

Abin lura a nan shi ne `gina` ba ta gwada wata lamba da wata ko sau ɗaya. Ba ruwanta da ko 40 ta fi 30. Alamomin ne suke gaya mata inda reshe ya ƙare, kuma a kowane mataki hanya ɗaya ce tak a gabanta. Tun da babu zaɓi, babu yadda za a yi bishiya biyu mabambanta su fito daga layi guda.

Tsarin bin gaɓoɓin ma yana da muhimmanci, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa. Wani zai ce, to a rubuta daga ƙarama zuwa babba mana, a sa alamomin a inda suka faɗo. Idan aka yi haka abin da zai fito shi ne alama, 20, alama, 30, alama, 40, har ƙarshe. Duk siffofin nan 132 haka za su fito, alama ɗaya tsakanin kowace lamba biyu. An ƙara tsawon fayil, ba a ƙara ko ƙwayar bayani ba. Sai an san tushe kafin rassansa, ko kuma a ajiye shi a bayansu a karanto layin daga ƙarshe, alamomin suke yin magana.

Akwai ƙorafin da masani zai yi, kuma yana da gaskiya. Idan bishiyar bincike ce tsantsa, lambobinta babu maimaici, jerin 50, 30, 20, 40, 70, 60 shi kaɗai ya isa: a sake shigar da su a haka, siffar da aka bari ita za a samu, an kuma huta da fiye da rabin kalmomin fayil ɗin. Amma wannan tsimi yana rataye ne da sharaɗi. Dole mai ginawa ya yi amfani da ainihin ma'aunin da mai rubutawa ya yi amfani da shi wajen cewa wannan ya gabaci wancan. Ga lambobi wannan da sauƙi. Ga sunaye kuwa, wata manhaja tana jera "Ɓ" kusa da "B" yadda ƙamus yake yi, wata tana jefa ta can bayan "Z" saboda lambarta a tsarin Unicode ta fi ta sauran haruffan girma. Sai a tashi bishiya ta wata siffa ba tare da kowa ya ankara ba. Haka nan idan akwai maimaici, ko kuma bishiyar irin mai juya rassanta ce da kanta don ta daidaita, kamar wadda Adelson-Velsky da Landis suka fito da ita a 1962, sake shigar da lambobi ta ƙofar da aka saba yana iya motsa rassan. A ganina, in dai ba wurin ajiya ne ya yi matuƙar ƙaranci ba, alamomin sun cancanci wurin da suke ci.

Kurakuran da ake yi galibi ƙanana ne. Wanda ya manta waƙafi tsakanin kalmomi ba zai bambanta 1 da 23 daga 12 da 3 ba. Wanda ya zaɓi 0 ko -1 a matsayin alamar babu zai zauna lafiya har ranar da wannan lamba ta shigo a matsayin bayani na gaske, ranar nan mai karantawa zai ɗauka reshen ya ƙare, duk abin da ya biyo baya ya zauna a gurbin da ba nasa ba. Idan rubutu ake adanawa, haka za ta faru da sunan da yake ɗauke da waƙafi ko `#` a cikinsa, don haka ake naɗe kowane suna a cikin alamar zance, ko a rubuta yawan haruffansa a gabansa. Sai matsalar zurfi. Ayyukan nan biyu kiran kansu suke yi, Python kuwa a yadda take zuwa ta ƙayyade zurfin kira a 1000. Bishiya madaidaiciya mai lambobi miliyan za ta wuce lafiya lau, amma wadda ta miƙe kamar sanda mai lambobi dubu biyu kacal za ta tsaya da `RecursionError`. Mafita ita ce mai rubuta manhajar ya riƙe jerin gurabun da suke jira da kansa, maimakon ya bar wa kiran kai.

Wannan lissafi na gurabu shi ne kuma hanyar gane lalataccen fayil tun kafin a fara gini. A fara da 1. Kowace lamba a ƙara ɗaya, kowace alama a rage ɗaya. A layinmu lissafin zai tafi haka: 2, 3, 4, 3, 2, 3, 2, 1, 2, 3, 2, 1, 0. Dole ya sauka a sifiri daidai kan kalmar ƙarshe. Idan fayil ya yanke bayan 70, lissafi zai tsaya a 2, wato gurbi biyu suna jiran abin da bai iso ba. Idan ya kai sifiri alhali da sauran kalmomi, to ko an liƙa wani abu a wutsiyar fayil ɗin, ko an ɗauki lamba a matsayin alama a tsakiya.

Sai dai siffa kawai wannan gwaji yake dubawa. Idan 40 ta rikiɗe ta zama 90 a hanya, lissafin gurabu zai fito daidai, sai an karanta bishiyar daga ƙarama zuwa babba za a ga 90 ta riga 50, a gane akwai ɓarna. Idan kuwa 45 ta zama, gwajin biyu duk za su wuce ta, domin 45 ma tana da hurumin zama tsakanin 30 da 50. Irin wannan sai lambar tantancewa ke kama shi, wadda ake lissafawa daga dukan haruffan fayil a ajiye tare da shi. Wanda zai adana bishiyar da aikin mutane ya dogara da ita, ya haɗa gwajin nan uku, kuma kafin ya saki manhajarsa ya gwada ta da bishiyar da babu komai a cikinta, wadda dukan fayil ɗinta `#` guda ce.